Yadda ake gyara take da muhimman kalmomin maƙala domin a iya gano ta, kuma taken ya faɗi abin da aka gano

Yawancin takardun da ake kawo min in duba, taken da ke kansu tsoho ne, tun lokacin da ake tsara binciken aka rubuta shi, lokacin da ba a tattara komai ba balle a san sakamako. An gama aiki an yi lissafi an rubuta tsakure, amma take yana nan yadda yake, yana faɗin abin da aka yi niyyar yi a wancan lokacin. To ka ga mai neman maƙala bai damu da niyyarka ba. Ya buɗe Google Scholar ko PubMed, rumbun maƙalun likitanci, ya rubuta kalma uku ko huɗu, sakamako ya zubo, yana bin take ɗaya bayan ɗaya da ido, wanda ya ja shi ya danna. Matakai biyu kenan takenka zai tsallake: injin ya fara fito da shi, sannan mutum ya karanta ya gane cewa wannan ce yake nema. Gyaran da zan nuna duk a kan waɗannan biyun yake.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Misalin ni na tsara shi don koyo kawai, kar wani ya je yana neman maƙalar. A ce ka yi bincike da manya 400 masu hawan jini, ka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi ana tura musu saƙon tes kullum ana tuna musu su sha magani, rabi ba a tura musu komai sai kulawar da aka saba. Babban abin da ka ce za ka auna tun farko shi ne hawan jinin kansa bayan wata shida, na biyu kuma yadda suke shan maganin. Da sakamako ya fito sai ga shi masu samun tes sun fi shan magani a kan lokaci, amma awon jinin ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne. Taken da ke kan takardar kuwa shi ne:

"Nazari kan tasirin fasahar zamani wajen inganta kula da lafiyar masu fama da cututtuka masu daɗewa"

Kalma 16, babu tes, babu hawan jini, babu magani, babu sakamako. Wanda ke neman ainihin wannan aikin ba zai taɓa faɗawa kansa ba sai dai tsautsayi. Na san yawanci da Turanci za ka rubuta maƙalar, amma zan riƙa kawo taken da Hausa don mu ga tunanin da ke ciki, abin da ake bugawa a akwatin sachin ne kawai zan bari yadda ake buga shi.

Mataki na farko: rufe taken, rubuta abin da ka gano a jimla ɗaya

Kar ka fara da gyara tsohon take kalma-kalma, zai ja ka ka koma inda ka fito. Buɗe sabon shafi. Je ka teburin sakamako, shi kansa teburin mai lambobi, ka bar tsakure tukuna domin shi ma sau da yawa an shafa masa mai. Ka amsa tambayoyi huɗu a rubuce: su wa aka yi binciken a kansu, me aka yi musu ko me aka duba, me ya fito, kuma ta wace hanya aka yi binciken. A misalinmu amsar ita ce manya masu hawan jini, saƙon tes na tunatarwa, shan magani ya ƙaru amma jini bai sauka ba, gwaji ne na rabo da ƙuri'a na wata shida. Haɗa su jimla ɗaya kamar kana gaya wa abokin aikinka a baranda: "mun tura wa masu hawan jini tes na wata shida, sun ƙara shan magani, amma jinin bai sauka fiye da na waɗanda ba a tura wa ba."

In ka zauna minti ashirin jimlar ta ƙi fitowa, ko ta fito da "da kuma" guda biyar a ciki, to matsalar ta wuce take, maƙalar ce ba ta tsaya a kan abu ɗaya ba, kuma gara ka gane haka yanzu kafin edita ya gaya maka. A irin wannan halin ka koma ka duba wace tambaya ce ka rubuta a ƙarshen gabatarwa, amsarta ita ce za ta hau take, sauran sakamakon su zauna a tsakure.

Mataki na biyu: share kalmomin da ba sa ɗauke da komai

Wannan ba ya cin lokaci. "Nazari kan", "bincike game da", "wasu bayanai a kan", "waiwaye", "sabuwar hanya", duk ka cire. Kowace maƙala nazari ce, kuma abin da yake sabo bana nan da shekara biyar ya tsufa amma taken yana nan. Sai manyan kalmomi masu faɗi irin "fasahar zamani" da "cututtuka masu daɗewa", kowace ka tambayi kanka: wace fasaha? wace cuta? Amsar ita za ta maye gurbinta. "Tasiri" ita ce ta fi kowace yaudara don tana yin kamar ta faɗi wani abu, alhali ba ta ce abu ya ƙaru ko ya ragu ko bai motsa ba. In ka share duk waɗannan daga tsohon takenmu za ka ga kusan babu abin da ya rage, shi ya sa na ce a fara da sabon shafi.

Mataki na uku: nemo kalmomin da mutane ke bugawa da gaske

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke tsallakewa. Kalmar da kai da malaminka kuka saba amfani da ita a ofis ba lallai ita ce ta fagen ba. Fara da abin da ke hannunka: ɗauko maƙaloli biyar zuwa goma daga cikin waɗanda ka yi madogara da su, waɗanda suka fi kusa da aikinka, ka jera takensu da kiwod ɗinsu, wato muhimman kalmomin da marubutan suka lissafa, a shafi ɗaya, ka ja layi a ƙarƙashin kalmomin da ke maimaituwa. Waɗannan marubutan su ne za su fara neman aikinka, da kalmominsu za su neme shi.

Bayan nan sai ka gwada kalmomin a injin. In abu ɗaya yana da suna biyu, ka bincika kowane shi kaɗai ka ga adadin sakamakon da ya fito. A PubMed akwai alamar da ke taƙaita sachin ga take kawai:

```
hypertension[ti]
"high blood pressure"[ti]
```

Za ka ga na farkon ya ninka na biyun nesa ba kusa ba, don haka shi zai hau take, ɗayan kuma ka ajiye shi, yana da wurin zama a kiwod. A Google Scholar kuwa kusan irin wannan ake yi da:

```
allintitle: hypertension "text message" adherence
```

Lambar da Scholar ke nunawa a sama ƙiyasi ce, kar ka ɗauke ta da zafi, ka yi amfani da ita don kwatanta kalma da kalma kawai. Abin da ya fi lambar amfani shi ne ka karanta shafin farko da na biyu na sakamakon ka ga ko waɗannan su ne maƙwabtan da kake so maƙalarka ta zauna a cikinsu. In ka buga kalma sai ga takardun wani fage daban sun cika shafin, kalmar nan tana da ma'ana biyu, kuma za ta kai ka unguwar da ba taka ba. Akwai misali mai kyau a fagen namu na hawan jini. Shan magani yadda likita ya ce, tsofaffin takardu sun fi kiransa `compliance`, na yanzu sun fi cewa `adherence`. Amma `compliance` ɗin nan kuma ita ce kalmar da ake amfani da ita wajen maganar yadda jijiyar jini ke buɗewa da komawa, don haka in ka haɗa ta da hawan jini a sachin za ka ga takardun jijiya sun cakuɗu da na shan magani. Ka ga dalili biyu kenan na zaɓar `adherence`.

Sai kuma kundin kalmomi na fage. A likitanci akwai MeSH, wanda babban laburaren likitanci na ƙasar Amurka ke kula da shi, kowane batu an ba shi suna guda da aka amince da shi, sauran sunayen an jera su a ƙarƙashinsa. Masu harkar noma suna da AGROVOC na hukumar FAO, masu ilimi suna da kundin ERIC, masu tattalin arziki suna da lambobin JEL. Ka shiga naka ka buga kowace kalmarka ka ga sunan da aka tsayar. Namu zai ba mu `Hypertension`, `Medication Adherence`, `Text Messaging` da `Reminder Systems`. Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: ba marubuci ke liƙa wa maƙalarsa MeSH a PubMed ba, daga can ake liƙawa bayan an buga, kuma take da tsakure ne babban abin da ake dubawa. In babu kalmar a wuraren nan biyu, kana iya rasa lakabin gaba ɗaya, kuma masu yin bita na tsari da ke tattara duk binciken da aka yi a kan batu da irin waɗannan lakabobin suke kamo takardu.

Mataki na huɗu: gina taken, ka auna ƙarfin fi'ilin

Yanzu kana da jimlar sakamako a hannu ɗaya, kalmomin fage a ɗaya hannun. Gwajin farko da yawancin mutane za su yi shi ne:

"Saƙon tes na inganta shan magani ga masu hawan jini"

Ya yi daɗi, gajere ne, injin zai same shi. Amma akwai ha'inci a ciki ko da ba da gangan ba. Ka tuna babban abin da aka ce za a auna shi ne hawan jinin, kuma bai sauka ba. Ɗauko sakamako na biyu da ya yi kyau ka ɗora a take ka ɓoye na farkon a shafi na bakwai, wannan shi ne abin da masu bita ke kamawa da wuri, musamman in an yi wa gwajin rajista tun farko kowa na iya zuwa ya ga abin da ka ce za ka auna. Kuma likitan da ya karanta take kawai ya wuce, wanda su ne mafi yawa, zai tafi da fahimtar cewa tes na maganin matsalar. Don haka duka biyun za su shiga:

"Saƙon tes na tunatarwa ya ƙara shan magani amma bai sauke hawan jini ba cikin wata shida: gwajin rabo da ƙuri'a"

Akwai abubuwa uku da na yi a nan da gangan. Na ce "ya ƙara", ban ce "yana ƙara" ba, domin bincike ɗaya ne a kan mutane 400, abin da ya faru a cikinsa nake ba da labari, "yana ƙara" kuwa kamar doka ce ta kowane wuri da kowane lokaci. Na sa "cikin wata shida" don ita ce iyakar abin da muka gani, wataƙila a shekara guda jinin ya sauka, ba mu auna ba. Sannan na faɗi irin binciken bayan alamar ɗigo biyu. Wannan ba ado ba ne, ƙa'idar CONSORT ta rahoton irin wannan gwaji ta nemi a bayyana a take cewa gwajin rabo da ƙuri'a ne, PRISMA ma ta nemi bita na tsari ya faɗi sunansa a take, STROBE kuma ta binciken lura ta ce a faɗi tsarin a take ko a tsakure.

Fi'ilin shi ne inda ake yawan zamewa. Mun samu damar cewa "ya ƙara" ne saboda mun raba mutane da ƙuri'a, ƙuri'ar ce ke ba mu hujjar cewa tes ɗin ne ya jawo bambancin. Da a ce tambayoyi kawai ka raba a asibiti rana ɗaya, ka ga masu samun tes sun fi shan magani, to ba ka da ikon cewa "ya ƙara" ko "ya rage" ko "ya hana" ko "ya jawo", don mai yiwuwa waɗanda dama suka damu da lafiyarsu ne suka yi rajistar tes ɗin. Abin da za ka iya cewa shi ne akwai alaƙa tsakanin samun tes da shan magani. Haka in a kan ɓeraye aka yi gwajin ko a kwanon gwaji, dole kalmar ta fito a take, in ba haka ba kowa zai ɗauka mutane ne.

"Bai sauke ba" ma sai an duba shi da kyau. Je ka kalli tazarar amincewa ta sakamakon, wato iyaka ta ƙasa da ta sama da ake sa ran ainihin bambancin yana tsakaninsu. In ƙunci gare ta kuma tana kewaye da sifili, to za ka iya cewa bai sauke ba da ƙwarin gwiwa. In kuwa tana da faɗi, ta taso daga raguwa mai yawa har zuwa ƙaruwa, to gaskiyar magana binciken bai iya rarrabewa ba, mutanen sun yi kaɗan, kuma rubuta "bai sauke ba" a take ya zama wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. A nan gara ka koma ga take mai bayyana batu kawai, wanda zan zo kansa yanzu.

Mataki na biyar: duba dokar mujallar kafin ka ƙaunaci taken

Ba kowace mujalla ke yarda da take mai faɗin sakamako ba. Mujallar likitanci ta JAMA alal misali ta ce a guji take mai yanke hukunci ko mai nuna inda sakamako ya karkata, haka take mai siffar tambaya. Wasu mujallun kuma, musamman na ilimin halittu, irin wannan taken suke so. Ka buɗe shafin umarni ga marubuta ka karanta, sannan ka duba fitowa biyu ko uku na baya-bayan nan ka ga abin da ake bugawa a aikace. In ba a yarda ba, ga yadda namu zai koma:

"Saƙon tes na tunatarwa, shan magani da awon jini ga manya masu hawan jini: gwajin rabo da ƙuri'a na wata shida"

Bai faɗi sakamako ba, amma ya ambaci abubuwan da aka auna duka biyun, bai karkata ga mai daɗin ba, kuma duk kalmomin sachin suna nan. Sai ka tabbata jimlar ƙarshe ta tsakure ta faɗi sakamakon ƙarara. Ni dai shawarata ka ajiye nau'i biyun a fayil, domin in mujalla ta farko ta ƙi karɓa, ta biyun na iya son ɗayan.

Tsawo kuma mujalla ce ke yankewa. Mujallar Nature tana tsayawa a kan harafi 75 har da sarari tsakanin kalmomi, wasu suna ba da ninkin haka. Tsarin APA a bugu na 6 ya ba da shawarar kar a wuce kalma 12, bugu na 7 ya cire wannan iyakar. In babu doka, abin da nake bi shi ne duk kalmar da za a cire ba tare da ma'ana ko sachin ya ragu ba to ta tafi. Taken namu mai faɗin sakamako kalma 21 ne da Hausa, da Turanci zai ɗan fi haka gajarta. In an matsa maka ka rage, fara cire "na tunatarwa", sannan "cikin wata shida" ya koma tsakure, amma kar ka taɓa "amma bai sauke hawan jini ba" don a rage tsawo. Kuma ka sa muhimman kalmomi a gaba, saboda a jerin sakamako da saƙonnin sanarwa na imel da allon waya dogon take yakan yanke, abin da ke farko ne ake gani.

Ƙananan abubuwa da ke ɓata sachin: taƙaitattun haruffa da kai ka ƙirƙiro wa aikinka, ba wanda zai neme su don ba wanda ya san su. Waɗanda duniya ta sani irin DNA ko HIV ba laifi. Haruffan Girka da ƙananan lambobi na sama ko na ƙasa sukan lalace in aka kwafe take daga rumbu zuwa rumbu, in akwai yadda za a rubuta sunan da haruffa zalla a yi hakan. Karin magana ko wasa da kalmomi a farkon take kuwa, na san yana da daɗi, ni ma na taɓa yi, amma yana cinye wurin da ya fi kowane tsada, kuma injin ba ya dariya. In ka nace sai ka yi, to rabin da ke bayan ɗigo biyu ya iya tsayawa da ƙafarsa. In kuma da Hausa maƙalar take, ka tuna ba kowane inji ke ɗaukar ƙ da k ko ɗ da d a matsayin abu ɗaya ba, kuma masu sachin da yawa ba sa sa ƙugiya, don haka ka gwada neman kalmar ta hanyoyi biyun ka ga abin da ke fitowa.

Mataki na shida: kiwod

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya tsinko kalmomi biyar daga take ya jera a matsayin kiwod, minti biyu kafin ya danna tura. Kalmar da ke take an riga an same ta, maimaita ta ba ya buɗe wata sabuwar ƙofa, wasu mujallun ma sun hana. Amfanin kiwod shi ne kamo mutumin da ya nemi abu ɗaya da wata kalma daban. Yawancin mujallu suna neman tsakanin uku zuwa shida ko takwas, ka duba taka. Ka koma kan shafin nan da ka tara kalmomi a mataki na uku, duk waɗanda suka sha kaye wajen hawa take yanzu lokacinsu ne. Yadda nake rabawa: ɗaya ko biyu sunan da abin ke da shi na daban, ɗaya mai faɗi kaɗan da ke nuna gidan da batun yake, ɗaya ta hanyar awo ko kayan aiki in wani zai nemi maƙalar saboda ita, sai ɗaya daga kundin fage da ba ta samu shiga take ba. Namu zai iya zama:

```
SMS; mHealth; high blood pressure; antihypertensive agents; reminder systems; pill count
```

Ta farko ɗaya sunan tes ne, ta biyu ita ce babban gidan da ake tara binciken lafiya ta waya, ta uku kalmar nan ce da ta sha kaye a mataki na uku, ta huɗu ajin magungunan, ta biyar daga MeSH, ta ƙarshe kuma hanyar da a ce da ita muka auna shan maganin wato ƙirga ƙwayoyin da suka rage, in ba da ita ka auna ba kar ka sa. Ka lura babu "lafiya", babu "fasaha", babu "marasa lafiya". Kalma ɗaya mai faɗi irin wannan tana jefa ka cikin miliyoyin takardu inda ba wanda zai gan ka. Jimla mai kalma bakwai kuma ta yi ƙunci, ba wanda zai buga ta daidai. Kalma biyu zuwa uku shi ne daidai yawanci. Kuma kar ka sa kalma don kawai tana tashe alhali maƙalar ba ta taɓa batun ba, editoci da yawa da kiwod suke neman masu bita, za a tura aikinka ga wanda zai auna shi da ma'aunin da ba nasa ba.

Kiwod ɗin suna aiki da gaske a rumbuna irin Scopus da Web of Science, inda sachin na yau da kullum ke duba take da tsakure da kiwod tare. A PubMed ma alamar `[tiab]`, mai neman kalma a take da tsakure, tana haɗawa da kiwod na marubuci. Saboda haka ka tabbata manyan kalmomi biyu ko uku na take sun sake fitowa a tsakure da siffa ɗaya, tun a jimlolin farko. In take ya ce tes, tsakure ya ce saƙon waya, sakamako ya ce tunatarwar dijital, mai karatu zai fara tunanin ko abubuwa uku ne.

Mataki na bakwai: gwaji kafin turawa

Gwaji biyu ne. Na farko, ka ba wani abokin aiki da bai san binciken ba taken kaɗai, ba tsakure, ka ce ya gaya maka su wa aka bincika, me aka yi, me aka samu. Ka yi shiru kar ka taimaka masa. In ya ce "ina ga tes na sauke hawan jini ko?" to taken ya gaza, ba abokin ba. In ya tambaye ka "wane magani?" to ka duba ko ya kamata a ce maganin hawan jini ƙarara. Na biyu, ka ba wani mutum daban tsakuren ba tare da take ba, ka ce in yana neman irin wannan aikin me zai buga a Scholar, ya rubuta maka sachin uku. Kowace kalma da ya rubuta ka duba tana take, ko kiwod, ko tsakure? Wadda babu ita ko'ina, kuma ka ga ta dace, ka nema mata wuri. Sannan ka kwafi taken gaba ɗaya ka sa shi cikin alamar zance a Scholar don ka tabbata ba wata maƙala mai take iri ɗaya ko kusan haka, in akwai ka ƙara abin da ya bambanta taka, mutanen ko tsarin ko tsawon lokacin.

Da ka tsayar da take sai ka bi duk inda tsohon ya kwana ka canza: shafin farko na fayil, wasiƙar da za ka tura wa edita, ƙarin fayilolin bayanai, gajeren taken da ke hawa saman shafi, da akwatin take a fom ɗin turawa na mujallar, wanda shi aka fi mantawa musamman a zagaye na biyu bayan gyara. In masu bita suka sa ka sake lissafi sakamako ya motsa, ka koma mataki na farko ka sake rubuta jimlar nan ka ga ko taken na nan daidai. Lokacin duba gyaran ƙarshe kafin bugawa ka karanta taken harafi-harafi, domin da zarar an buga an ba maƙalar lambar DOI bayanan sun bazu zuwa rumbuna, canza take sai an fitar da sanarwar gyara a hukumance, kuma mujallu ba sa yin haka don kawai marubuci ya samo kalma mafi kyau daga baya.